Maƙalata ta haura adadin da aka ce, ina zan yanke?

Sabon Hannu: Salam jama'a, dan Allah a taimaka. Na rubuta maƙala kan waya da rashin barci, editan ya ce kar ta wuce kalma 1,200 ni kuma da na gama na duba na ga 1,750, na zauna zan rage wlh duk layin da na taɓa sai in ga kamar shi ne ya riƙe rubutun, na cire wannan in mayar in cire wancan in mayar. Ga sakin layi na farko ku gani ko akwai abin cirewa:

"Kamar yadda kowa ya sani, a wannan zamani da muke ciki na yanzu, wayar hannu ta zama wata aba wadda kusan kowa da kowa yake amfani da ita a rayuwarsa ta yau da kullum. Babu shakka idan muka duba da kyau za mu ga cewa mutane da yawa, musamman ma matasa maza da mata, sukan kasance suna yin amfani da wayoyinsu a lokacin da dare ya yi, wato a lokacin da ya kamata a ce suna barci. Wannan al'amari kuwa yana haifar da illoli da matsaloli masu tarin yawa ga lafiyar jikin ɗan Adam. Bugu da ƙari, waya tana da amfani sosai wajen karatu da neman ilimi. Har ila yau, hasken da yake fitowa daga fuskar waya yana iya zama sanadiyyar hana mutum samun barci da wuri."

Kalma 127 ke nan.

Gajeren Zance: Wslm. Ai wannan ba wahala malam, kawo wuƙa:

"Kowa na amfani da waya. Matasa na amfani da ita da dare. Hakan na da illa. Waya na da amfani wajen karatu. Haskenta na hana barci."

Kalma 26. Na cire maka 101 a sakin layi ɗaya, ka yi haka a guda shida ka gama. Ni dokata ɗaya ce, duk jimlar da ta wuce kalma goma a sare ta, duk wani dai da fa da ma da kuma a kwashe.

Malam Ƙa'ida: Ni na duba ban ga matsala ba. Ya raba "za mu", ya haɗe "muke", ya sa ƙugiya a ɗ da ƙ, ɗan Adam ma ya sa babban baƙi inda ya dace. Rubutun nan ya fi na mutane da yawa a gidan nan, wasu har yanzu "zamu" suke rubutawa a haɗe.

Maman 'Yan Biyu: Malam ba ƙa'idar rubutu ya tambaya ba fa, tsayi ne ya yi masa yawa

Malam Ƙa'ida: Toh, na ɗauka gyara ya ce.

Anti Mai Jan Biro: Wa alaikumus salam. Ƙanina kafin ka taɓa komai ka yi kwafin fayil ɗin ka ajiye na asali gefe, ka yi aiki a kan kwafin. Rabin tsoron da kake ji na cirewa daga nan yake, kana ganin in ka goge ya tafi ke nan. In akwai na asali a ajiye hannunka zai saki.

Sai kuma wannan na Gajeren Zance. Ya gano inda cikon yake, wannan kam gaskiya ne, amma ya haɗa da abin da ba ciko ba ya zubar. Ku duba da kyau. Marubucin cewa ya yi KUSAN kowa, yanzu ya koma kowa. Ya ce mutane DA YAWA musamman matasa, yanzu ya koma matasa kawai, duka ba ragi. Ya ce hasken yana IYA hana barci DA WURI, yanzu ya koma haskenta na hana barci, kamar duk wanda ya kalli waya ya kwana ido biyu. Magana uku aka canja wa ma'ana, kuma duk ukun sun koma abin da mai rubutun ba zai iya tsayawa a kansa ba in aka tambaye shi. Ciko shi ne kalmar da in ka ɗauke ta maganar tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. "Iya" ɗin can ba ciko ba ce, ita ce ta hana jimlar zama ƙarya.

Sannan babbar matsalar sakin layin tana nan daram a cikin kalma 26 ɗin, bai taɓa ta ba. Wa ya gan ta?

Ɗalibar Ajin Ƙarshe: Anti ko wancan na "waya tana da amfani wajen karatu"? ni dai a nan na yi tuntuɓe, ana maganar illa sai kawai ga amfani ya faɗo

Anti Mai Jan Biro: Yawwa 'yata, shi ne. Kuma ki lura da abin da ya ɓoye shi, "bugu da ƙari". Wannan kalmar alkawari take yi wa mai karatu cewa abin da ke zuwa ƙari ne a kan na baya, wato wata illar ce za ta biyo, sai ya tarar da akasin haka. Daga nan kuma "har ila yau" ta sake jawo shi ta dawo da shi kan illa. In ka ga rubutu kowace jimla ta fara da bugu da ƙari, har ila yau, haka zalika, kazalika, yawanci ba haɗuwa jimlolin suka yi ba, manna su aka yi. Gwajin mai sauƙi ne, ka rufe kalmar haɗin da yatsa ka karanta jimlolin biyu a jere. In sun bi juna da kansu to ba ka buƙatarta. In ba su bi ba to ita ma ba za ta sa su bi ba, ɗaya daga cikinsu ba nan ne wurinta ba.

Sabon Hannu: Na sa ta ne don kar a ce na kushe waya gaba ɗaya Anti, ina so a ga na yi adalci

Anti Mai Jan Biro: Niyyar ta yi, wurin ne bai yi ba. Za mu zo kanta. Bari mu bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya tukuna.

Ta farko kalma 34 ce kuma gaba ɗayanta za ta tafi. Kai da kanka ka ce "kamar yadda kowa ya sani", to abin da kowa ya sani me ya sa za ka sake gaya masa, mai karatun ma wataƙila a wayar yake karanta ka. Irin wannan jimlar ba don mai karatu ake rubuta ta ba, marubuci ne yake gyaran murya kafin ya fara magana, kuma ba laifi a rubutun farko, ita ce ta tayar maka da hannu, amma ta gama aikinta. Sau da yawa in na karɓi rubutun farko jimla ta biyu ko ta uku nake fara dubawa, a nan ainihin farkon yake zaune.

Ta biyu ita ce mai nama, kalma 43, amma an lulluɓe ta. "Babu shakka idan muka duba da kyau za mu ga cewa", kalma 11 ke nan kafin a ce komai. Matasa "maza da mata", ai matasa ya ƙunshe su. "Sukan kasance suna yin amfani da wayoyinsu", sukan ta riga ta nuna al'ada, kasance ba ta ƙara komai ba. Sai ka ce "a lokacin da dare ya yi" ka zo ka ce "wato" ka sake faɗa. Duk inda ka ga ka rubuta wato ko ma'ana ka tsaya, yawanci ka faɗi abu sau biyu ne, na farko bai gamsar da kai ba ka sake, kuma na biyun ya fi kyau. Ka bar na biyu ka share na farko da waton tare. Ga abin da ya rage:

"Mutane da yawa, musamman matasa, suna kan waya a lokacin da ya kamata a ce suna barci."

Kalma 17, kuma ba abin da ya salwanta.

Gajeren Zance: 17 ta yi yawa Anti, ta karya dokar goma

Anti Mai Jan Biro: Ka karanta taka da ƙarfi ka ji mana. Jimla biyar kusan tsayi ɗaya kusan gini ɗaya, wane na kaza, wane na kaza, kunne yana gajiya da wannan kamar yadda yake gajiya da doguwa marar waƙafi. Tsayin jimla ba shi ne ciwon ba. Jimla mai kalma talatin tana iya tafiya lafiya in abu ɗaya take ɗauke da shi, mai kalma takwas kuma tana iya zama rabinta iska.

Gajeren Zance: A waya ake karatu yanzu, mutum na ganin dogon layi zai wuce. Ni na gwada a shafina, gajeru sun fi samun masu karantawa har ƙarshe.

Maman 'Yan Biyu: gajeren sakin layi ne yake taimako a waya ba lalle gajeriyar jimla ba, ni haka na lura, in aka ga rubutu ya cika fuska ba inda aka saki layi shi ne ake gudu

Gajeren Zance: Duk biyun ne.

Anti Mai Jan Biro: Na bar ku da wannan. Jimla ta uku, a nan nake so Sabon Hannu ya buɗe ido domin a nan ragewa kaɗai ba ta isa. "Illoli da matsaloli masu tarin yawa ga lafiyar jikin ɗan Adam." Illoli da matsaloli tagwaye ne, ɗaya ta isa, muna son irin wannan jerin, amfani da alfanu, wahala da ƙunci, domin yana da daɗi a baki. Amma ko ka rage ta koma "hakan na da illa" ba ka ce komai ba. Wace illa? Jimlar da za a iya ɗauka a dasa a maƙalar shan taba ko ta gurɓatar iska ta zauna daidai, ba jimlar maƙalarka ba ce. Ko dai ta fita ko a maye gurbinta da abin da ido zai gani. Faɗa min illa ɗaya da kake nufi.

Sabon Hannu: mutum ya tashi da safe a gajiye, a aji ko wajen aiki ya kasa maida hankali

Anti Mai Jan Biro: To ka ga abin da ya kamata ka rubuta ke nan, ka faɗe shi yanzu a layi ɗaya ba tare da ka yi tunani ba. Sai kuma jeri. A naka ka kawo illar tukuna sannan can ƙarshe ka kawo hasken da ke jawo ta, sakamako ya riga dalili. Mu juya su, haske ya zo na biyu, gajiyar safe ta zo ƙarshe, ta amfanin waya ta fita ta jira wurinta:

"Mutane da yawa, musamman matasa, suna kan waya a lokacin da ya kamata a ce suna barci. Ko sun ajiye ta ma, hasken da suka daɗe suna kallo yana iya hana barcin zuwa da wuri. Gari ya waye su tashi a gajiye, su zauna a aji ko wurin aiki hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Kalma 55 daga 127. Ba bugu da ƙari ba har ila yau, amma ku ga abin da ya ɗaure su. Ta farko ta kawo waya da barci, ta biyu ta ɗauko wayar da "ajiye ta" ta ɗauko barcin da "barcin", ta uku ta ɗauko daren ta kai shi safiya. Kowace jimla tana farawa da abin da mai karatu ya riga ya riƙe a hannu sannan ta miƙa masa sabo a ƙarshe, sabon nan kuma shi ta gaba za ta fara da shi. In ka ji sakin layi yana cije maka ba ka san dalili ba, duba farkon kowace jimla, za ka ga wata ta fara da baƙon abu da ba a gabatar ba.

Gajeren Zance ga "ma" ɗinka nan a jimla ta biyu, cire ta ka ji.

Gajeren Zance: "Ko sun ajiye ta, hasken..." yana tafiya ai

Anti Mai Jan Biro: Yana tafiya, amma da ita ya fi nuna cewa mun wuce matakin farko mun shiga wani. Wannan ana iya jayayya a kai, ban hana ba. Wadda ba a jayayya ita ce irin "shi ma ya zo" da "shi ya zo", ka kwashe ma ɗin ka canja labarin, na farko akwai wasu da suka zo, na biyu shi ne ya zo ba wani ba. Shi ya sa ba na yarda a bi dai da fa da ma da kam a share su da ido rufe. A "musamman ma matasa" na cire ta don ba ta yin komai a wurin. Kowacce sai an tambaye ta aikinta.

Maman 'Yan Biyu: Anti ni fa nan ne nake da ƙorafi, ni labari nake rubutawa ba maƙala ba, akwai wanda na ba wa ya tace min wani babi ya bi maganganun taurarina duk ya aske su, tsohuwar da ke cewa "ni dai wallahi yaran nan, to shi ke nan dai, Allah ya kyauta" ya mayar da ita "Allah ya kyauta" kawai, da na karanta sai na ji kowa a labarin murya ɗaya gare shi, tsohuwa da budurwa da direba duk kamar mai karanta labarai, to a nan wane ne ciko wane ne ba ciko ba

Anti Mai Jan Biro: Kina da gaskiya Maman yara. A bakin tauraro wannan ba ciko ba ne, halinta ne, da shi ake gane ta ko ba a ce "in ji tsohuwa" ba. Sai dai ki ba kowa nasa, in tsohuwa ce mai "ni dai" to kar budurwar ma ta zama mai "ni dai", kuma ba a kowace magana ba, sau biyu ko uku a fage ɗaya ya isa kunne ya kama. Cikon labari wani wuri yake ɓuya, wajen kai mutum daga ɗaki zuwa ɗaki. Ta tashi, ta sa takalmi, ta buɗe ƙofa, ta fita, ta rufe ƙofa, ta shiga mota, ta tayar. In ba abin da zai faru a hanya ki ajiye ta a inda za ta kawai.

Maman 'Yan Biyu: hmm masu karatuna fa suna son irin wannan, in na yi tsalle sai su ce na yi sauri, wasu har kayan da ta sa suke so a lissafo musu

Anti Mai Jan Biro: Ke kika san mutanenki. Ni dai na fi zargin in sun ce kin yi sauri to a wurin da ake rikici ko kuka kika yi saurin, ba a wurin takalmi ba.

Maman 'Yan Biyu: ban yarda duka ba amma zan duba

Ɗalibar Ajin Ƙarshe: ni matsalata akasin tasa ce, furojet ɗina an ce babi na biyu ya kai shafi kaza kuma bai kai ba, in na bi wannan shawarar ai sai ya koma rabi

Anti Mai Jan Biro: Zai ragu, sai ki cike da abu ba da iska ba, ƙarin misali, ƙarin abin da masana suka saɓa a kai. Ki buɗe naki zaren mu duba, kar mu karkatar da nasa.

Sabon Hannu, yanzu lissafi. Ka samu 72 daga sakin layi ɗaya, kana neman 550. Kar ka ɗauka sauran za su ba ka haka, farkon rubutu ya fi ko'ina ciko, na tsakiya in ka samu kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ka gode. Wato gyaran jimla kaɗai da wuya ya kai ka. Kuma da a gabana kake da ba da jimla za mu fara ba, don ba amfani ka ɓata awa kana goge sakin layin da ƙarshe za a cire shi ɗungurungum. Yi min wannan, sakin layi nawa gare ka, ka rubuta abin da kowanne yake cewa a layi ɗaya, abin da ya FAƊA ba abin da ka yi niyya ba, ka sa adadin kalmominsa a gefe. In a Word kake ko Google Docs ka zaɓi sakin layin kawai ka duba Word count zai ba ka nasa shi kaɗai.

Sabon Hannu: guda tara ne

1. gabatarwa, 127
2. yadda wayar hannu ta samo asali ta yaɗu, 240
3. amfanin waya, 190
4. illar rashin barci ga jiki, 230
5. hasken waya da saƙonnin da ke shigowa, 210
6. labarin ƙanina da ya riƙa barci a aji, 220
7. illar rashin barci ga karatu, da kuma jiki, da ɗan maganar iyaye, 213
8. mafita, 200
9. kammalawa, 120

Anti Mai Jan Biro: Madalla, ka ga yanzu rubutun ya fito fili. Na 2 ya tafi duka, 240 ke nan a tashi ɗaya. Na san ka sha wahalar nemo shi, shi ya sa yake maka wuyar saki, amma wanda ya zo karanta waya da barci bai tambaye ka tarihi ba. Ajiye shi a wani fayil, wata maƙalar ce.

Na 7 ka lura kai da kanka ka kasa faɗarsa a magana ɗaya sai da ka ce "da kuma, da ɗan". Duk sakin layin da ya ƙi taƙaituwa a layi ɗaya abu biyu ko uku ne aka cusa a ciki. Ɓangaren jiki maimaicin na 4 ne, ya fita. Ɓangaren karatu ya haɗe da na 4 su zama ɗaya. Maganar iyaye ta gangara cikin mafita in tana da abin yi a can. A nan za ka samu wajen 100.

Na 5 ya hau sama ya riga na 4, irin juyin da muka yi a sakin layin farko, dalili sannan sakamako. Na 3 kuma, wato adalcin da kake so ka yi, ba ya buƙatar kalma 190, jimla biyu sun isa, kuma wurinsu bakin mafita ne, inda mai karatu zai fara cewa to mu jefar da wayar ke nan? sai ka ce a'a, tana da amfaninta, maganar lokaci ce. A nan "amma" za ta yi aikin gaske. Ka samu kamar 150.

Tara su, 72 da 240 da 100 da 150, 562. Ka riga ka sauka ƙasa da 1,200 kafin ka taɓa jimlolin tsakiya, abin da ka samu daga gare su kuma riba ce, ka iya kashe ta wajen ƙara misali a mafita.

Gajeren Zance: Na 6 ma ya tafi, labarin ƙani ba hujja ba ne. Na 9 ma, kammalawa maimaici ce kullum.

Maman 'Yan Biyu: haba, na 6 ne kaɗai mai rai a ciki, ni da shi ma zan buɗe maƙalar

Malam Ƙa'ida: Maƙala ba a buɗe ta da labarin gida. Mu yadda aka koya mana gabatarwa, gundarin bayani, kammalawa.

Maman 'Yan Biyu: wannan ai insha'in jarrabawa ne Malam

Anti Mai Jan Biro: Ban karanta na 6 ba don haka ba zan yanke ba. In labarin yana nuna abin da na 4 yake faɗa da baki to ɗaya ya rage wa ɗaya aiki, a bar labarin a matse bayanin, ko a matse labarin ya koma jimla huɗu a cikin na 4. Buɗewa da shi kuma ya danganta da inda za a buga, editanka ya fi mu sanin abin da suke so. Na 9 ka duba, in ya fara da "a taƙaice" ko "daga ƙarshe dai" ya sake jero abin da aka karanta minti biyu da suka wuce, Gajeren Zance ya yi daidai, maƙala mai kalma 1,200 ba a manta farkonta kafin a kai ƙarshe.

Abu ɗaya da ke cizon mutane bayan an yi wannan ciccirewar da jujjuyawar, ɗinkin yana warwarewa. Za ka tarar da "kamar yadda muka faɗa a sama" alhali saman an cire shi, ko "wannan matsala" a farkon sakin layi tana nuna wadda yanzu take ƙasa, ko "ita" da "ta" da a da waya suke nufi yanzu kalmar mace mafi kusa da su lafiya ce ko makaranta. Ka danna Ctrl+F ka nemo "wannan" da "hakan" da "a sama" ka tambayi kowacce me take nunawa. Sannan ka karanta jimlar ƙarshe ta kowane sakin layi haɗe da ta farkon mai bi mata, su kaɗai, ka ji ko sun miƙa wa juna hannu.

Malam Ƙa'ida: Sai a zo kan ƙa'idar rubutu.

Anti Mai Jan Biro: Sai a zo kanta Malam, ita ce ta ƙarshe, kuma a lokacin a turo maka.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai Anti, na gode jama'a. tambaya ɗaya ta rage, a sabon sakin layin kalmar "barci" ta fito sau biyu kusa da kusa, malaminmu yana cewa kar a maimaita kalma, in canja ɗaya zuwa hutu ko runtsawa?

Anti Mai Jan Biro: A'a bar ta. Maimaicin nan shi ne ya ɗaure jimlolin biyu, in ka ce hutu mai karatu zai ɗauka wani abu daban kake nufi, hutu ba barci ba ne. Maimaicin da ake gudu na maganar da aka riga aka yi ne, ko kalmar ado irin "matuƙar" da "sosai" ta fito sau biyar a shafi. Sunan abin da kake rubutu a kai ka kira shi da sunansa duk sanda ka buƙata.

Gajeren Zance: A nan kam ina tare da malaminsa, sau biyu a layi biyu yana min ƙara a kunne. "Yana iya hana ido rufuwa da wuri" fa?

Maman 'Yan Biyu: wannan ma ya yi daɗi fa gaskiya

Sabon Hannu: bari in karanta duka biyun da ƙarfi in ji, gobe in sha Allah zan turo na 4 da na 7 bayan na haɗe su, da na 6 ɗin yadda yake don Anti ta gani